Yadin da ba ka auna ba

"Maigida, na kafa kekena a zauren gidanmu a Tudun Wada, maƙwabta sun fara kawo ɗinki da gyara. Amma wallahi kunya nake ji in auna yadin mutum a gabansa, kamar na ce ƙarya yake yi. Ya zan yi?"

Kunya! Kai yaro, ni da kake gani, tun kana goye nake taka Butterfly a garin Gusau, kuma wannan kunyar da kake faɗa ta taɓa cinye mini ribar Sallah guda.

Ana saura kwana 9 ƙaramar Sallah, wani maƙwabcinmu, katanga ɗaya ta raba mu, ya shigo bayan tarawihi da farar shadda a leda. Ya ce yadi 10 ce, daga Kantin Kwari aka kawo masa, yana son babbar riga da 'yar ciki da wando. Mutumin ya girme ni, sahu ɗaya muke sallah. Na auna jikinsa, na karɓi ledar na jefa kan tarin ɗinki. Ko warware ta ban yi ba.

Kwana 4 bayan nan na ɗauko ta, ido duk barci. Na yanke wando, yadi 2. Na yanke 'yar ciki, yadi 2 da rabi. Da na shimfiɗa ragowar sai gabana ya faɗi. Mutum mai tsayinsa, babbar rigarsa ba ta kasa yadi 5, ni kuwa abin da ke gabana yadi 4 ne cif. Na sa tef na auna sau uku. Ashe shaddar tun asali 8 da rabi ce. Ko a kasuwa aka cuce shi, ko a gida wani ya gutsura, Allah masani, amma har gobe ina da wanda nake zargi.

Na same shi na yi masa bayani. Buɗar bakinsa sai ya ce ai dama an san halin teloli, na ɗebe yadi ɗaya da rabi zan yi wa ɗana kayan Sallah. A ƙofar masallaci ya faɗa, gaban jama'a. Magana ta kai wurin mai unguwa, shi kuwa tambaya ɗaya ya yi mini: ka auna a gabansa? Na yi shiru. Na ce to zan ciko, na zaga Tsohuwar Kasuwa rumfa rumfa. Shadda kuwa ba a cika ta haka nan: ko an dace da zanen, hasken farin ba ya zama ɗaya, wannan ya ja shuɗi, wancan ya ja madara, da an fita rana kowa zai gani. Dole na sayi sabuwa yadi 10 da kuɗina, na ɗinka kyauta, kuɗin aikin wuya ma ni na biya. Ya sa ta ya je Idi, ya wuce ni ko sannu babu.

Saboda haka in an miƙo maka yadi, kafin ka tambayi irin ɗinkin da ake so, warware shi kan tebur mai shi yana tsaye. Yadi inci 36 ne, da tef za ka auna, ban da awon hannu zuwa hanci. Ka faɗi adadin da ƙarfi, ka rubuta a littafi kusa da awonsa, ka manna ɗan ƙyalle a shafin. Atamfa ma kada ka ce ai turmi yadi 6 ne, sau nawa ake yanke ɗankwali a gida a naɗe sauran kamar ba a taɓa ba. Kana warwarewa kana ɗaga shi ga haske, huda ko tabon mai ko cin ɓera ka nuna masa tun almakashi bai taɓa ba. In kana jin nauyi, ka ce kana duba ko zai isa ɗinkin ne, kuma gaskiya ka faɗa.

Kuskurena na biyu har yau yana ci mini rai. Da na zana duka ukun da alli kafin in sa almakashi, da na gane tun shaddar tana lafiya, in mayar masa da abinsa ko mu sauya zuwa kaftani da wando. Babban yanki ake fara fitarwa, ƙanana su bi.

Zancen kafin alƙalami da kuɗin faci kuwa ba sai na ɓata bakina ba, wanda ya shekara 3 a shagona bai san wannan ba ya koma tallan rake. Ku yaran yanzu kun iya ɗaukar hoton ɗinki ku ɗora a waya, amma littafin awo na 'yan nairori ya gagare ku. Ragowar ƙyalle ma, ko tafin hannu ne, ka naɗe cikin kayan ka mayar wa mai shi. Tashi ka hura gawayin dutsen guga, kaftanin nan da la'asar za a zo karɓa.