Asibitinmu ba ya fitowa a taswira: shin a cusa sunayen unguwanni cikin sunansa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kula da wani ƙaramin asibitin haƙori a Rusaifa, nan Makka. Idan aka nemi asibitin haƙori na kusa a Google Maps ba ma fitowa, har waɗanda suka buɗe bayanmu sun sha gabanmu. Wani ya ce in biya shi riyal 1,500 ya ƙara wa sunanmu kalmomi, ya cika bayaninmu da sunayen unguwanni, ya riƙa sa sanarwa kullum. Ina tsoron kada mai asibitin ya ga gazawata.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka riƙe kuɗin nan tukuna, domin kashi na farko na aikin da aka yi maka tayinsa zai iya jawo a ɗauke asibitin daga taswira gaba ɗaya.

Google da kansa ya bayyana abubuwa uku da yake dubawa wajen jera wurare: dacewar wurin da abin da aka nema, nisansa daga mai nema, da kuma shahararsa. Nisa ba ya sayuwa. Mai ciwon haƙori da ke zaune a Aziziyya za a fara nuna masa asibitocin Aziziyya, ko sau nawa ka rubuta sunan unguwar a bayaninka. Waɗanda kake iya kamawa su ne mutanen Rusaifa, Hindawiyya da Shara Mansur, kuma ta fuskar dacewa za ka kama su. Babban abin da ke ɗauke da dacewa shi ne rukunin farko da ka zaɓa a Google Business Profile, wato shafin da ake sarrafa bayanan asibitin a taswira. Na sha ganin asibitin haƙori an sa shi ƙarƙashin Medical clinic, alhali Dental clinic ne muhallinsa. Idan kuna da likitan haƙorin yara, a ƙara Pediatric dentist a matsayin rukuni na biyu, sannan a cika sashen Services da ayyukanku ɗaya bayan ɗaya.

Batun suna kuwa, kusan kullum sai an kawo mini shi, kuma na gaji da dillalan da ke yaɗa shi. Suna ɗaukar sunan asibiti mai kalma uku su mayar da shi jimla: asibiti kaza, mafi kyawun likitan haƙori a Makka, dashen haƙori, wankin haƙori, Rusaifa. Abin da ya sa dabarar ke da farin jini shi ne takan yi aiki na ɗan lokaci, domin kalmomin da ke cikin suna suna da nauyi a bincike; dillali ya nuna maka hoton waya kana sama, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Amma ƙa'idar Google ita ce sunan ya zama wanda ke kan allon ƙofarku da takardunku, ba ƙari. Duk wanda ya ga dama, har da asibitin da ke kallonku a tsallaken titi, yana iya danna Suggest an edit ya gyara sunan, ko ya kai ƙara. Idan aka yi sa'a sunan ne kawai zai koma yadda yake. Idan ba a yi ba, sai ka wayi gari ka ga Suspended, lambar wayarku da ra'ayoyin da marasa lafiya suka rubuta tsawon shekaru duk sun daina bayyana. Daga nan sai ɗaukaka ƙara, a nemi lasisin Ma'aikatar Lafiya, sijil tijari wato takardar rajistar kasuwanci, da hoton allo, kuma da zarar ka buɗe fom ɗin hujjoji minti 60 ne kawai gare ka ka tura su. Dillalin a lokacin ba ya ɗaga waya. Sannan asibiti ba shagon turare ba ne: kalmomi irin su "mafi kyau" da "tabbacin warkewa" sun shiga hurumin ƙa'idojin tallan lafiya na Ma'aikatar, kuma lambar 937 da ake kai koke a hannun kowa take. Sayen ra'ayoyin ƙarya, wanda mutanen nan kan haɗa a cikin cinikin, shi ma haka yake ƙarewa, ban da cewa yaudarar mara lafiya ce tsagwaronta.

Shi bayanin wuri, gurbinsa haruffa 750 ne, kuma ba a yarda a sa adireshin intanet, farashi ko rangwame a ciki ba. A abin da na gani a wannan aiki, ba shi ke ɗaga asibiti a jeri ba. Aikinsa ya shawo kan wanda ya riga ya buɗe shafinku yana tunanin ya kira ko ya wuce. Farkonsa kawai ke fitowa kafin a danna ci gaba, saboda haka abin da ya fi muhimmanci ya zo a jimlar farko. Ga yadda zan tsara naku, ka cire duk abin da ba haka yake ba, a rubuta shi da Larabci tunda mafi yawan masu nema عيادة أسنان, wato asibitin haƙori, suke bugawa:

"Asibitin haƙori ne a unguwar Rusaifa, Makka, mai lasisin Ma'aikatar Lafiya, yana duba manya da yara. Muna yin cike haƙori, cire jijiya, cirewa da wankin haƙori. Akwai likita mace ga mata, kuma ma'aikatan karɓar baƙi suna jin Larabci da Hausa. Muna karɓar mai ciwon gaggawa ba tare da mau'idi ba."

Sunan unguwa sau ɗaya ya fito, kuma ya wadatar. Maganar likita mace da jin Hausa ta fi jerin unguwanni goma amfani, domin tsohuwar da Larabcinta bai nuna ba, abin da ɗanta ke nema mata ke nan. Lokutan aiki kuwa kada a binne su a nan, suna da nasu gurbi, kuma a gyara su a azumi da hutun Idi, a nuna ranar Juma'a yadda take, domin wanda ya zo ya tarar da ƙofa a rufe alhali taswira ta ce a buɗe take, shi ne mai ba ku tauraro ɗaya.

Sanarwa ta kullum ba ta da wata fa'ida da ta wuce ta mako-mako. Gurbin yana ɗaukar haruffa 1,500, amma layi biyu ko uku na farko ake karantawa. Kowace sanarwa ta tsaya kan abu guda da ya faru da gaske, misali: "Daga daren farko na Ramadan muna buɗewa bayan tarawihi zuwa ƙarfe 2 na dare, masu son duba yara su yi mau'idi tun da rana." A haɗa da hoton ƙofar asibitin ko ɗakin jira, kada a ɗauko hoto daga intanet, kuma kada a sa bakin mara lafiya ba da rubutaccen izininsa ba. Kada ka rubuta lambar waya a cikin sanarwar, domin Google na ƙin irin wannan. Zaɓi maɓallin Call now, shi zai ɗauko lambar da ke shafinku.

Wajen auna sakamako, kada ka dogara da wayarka kana zaune a cikin asibitin, domin kusanci kaɗai zai sa ka ga kanku a sama. Ka sa wani ya bincika daga Shara Mansur, wani daga Hindawiyya, sannan ka buɗe Performance ka ga kalmomin da aka same ku da su da yawan kiran da aka yi. Idan sunan asibitin ne kaɗai ke cikin kalmomin, to waɗanda suka san ku ne ke nemanku, kuma gyaran yana wajen rukuni da Services. Wannan shafin ne za ka nuna wa mai asibitin, na watan da ya wuce da na wata biyu bayan gyaran.