Gyaran da aka ɓoye a takardar Word bai gogu ba: abin da za a yi kafin a tura ta imel

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na rubuta takardar farashin kaya a Word, maigidana ya duba ya yi gyare-gyare da jan rubutu, ya kuma bar sharhi a gefe. Na zaɓi `No Markup` komai ya ɓace, amma da na tura wa abokin aikina don gwaji, sai ya ce yana ganin duk gyaran har da sunan wanda ya yi. Yaya zan goge su kafin na tura wa mai saye?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka yi dabara da ka fara gwadawa a cikin gida. `No Markup` labule ne kawai da ka ja a kan allonka, domin tsohon rubutu da sabo duka suna nan a cikin fayil ɗin, kowanne da sunan wanda ya taɓa shi da lokacin da ya taɓa. Kuma Word yana zuwa ne da saitin da ke bayyana ɓoyayyun gyare-gyare duk lokacin da aka buɗe takarda, shi ya sa abokin aikinka ya gan su ba tare da ya nema ba.

Mu ɗauka a takardarka ka rubuta naira 4,500,000, maigidanka ya soke ya mai da shi 5,200,000, sannan ya bar sharhi cewa idan mai saye ya matsa za a iya sauka zuwa 4,800,000. Idan takardar ta fita a haka, mai saye zai ga farashin farko da ja a kansa, ya ga na biyu, ya kuma karanta iyakar da za ku iya sauka, wato an gama cinikin tun kafin a zauna. Irin wannan ya faru a matakin da ya fi naku nesa ba kusa ba: a watan Oktoba na 2005, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan kisan tsohon firaministan Labanon, Rafik Hariri, ya fita a fayil ɗin Word da gyare-gyarensa, sai 'yan jarida suka karanta sunayen manyan jami'an Siriya waɗanda aka cire daga rubutun ƙarshe.

Kafin ka taɓa komai, ka yi `Save As` ka ajiye kwafi da sabon suna, ka yi aikin a kan kwafin, domin wasu daga cikin abubuwan da za ka goge ba sa dawowa, kuma wata rana ofishinku zai bukaci sanin wanda ya canza farashin. Ka lura da sunan fayil ɗin ma, domin suna irin na "farashi bayan ƙari" yana tona asiri kamar yadda sharhi yake yi.

Daga nan ka shiga `Review`, ka mai da zaɓin zuwa `All Markup` domin ka ga duk abin da ke ciki. Gyaran da aka bibiya da `Track Changes`, wato saitin da ke nuna gyara da jan rubutu, ba ya gushewa sai an yanke masa hukunci, ko dai a karɓa da `Accept` ko a ƙi da `Reject`. Idan ka tabbata duk gyaran maigidanka za a ɗauka, ka danna ƙaramar kibiyar da ke jikin `Accept` ka zaɓi `Accept All Changes and Stop Tracking`. Kashe `Track Changes` kaɗai ba ya cire komai, yana dai hana bibiyar sabbin gyare-gyare ne, tsofaffin kuma suna nan daram. Ni dai a takardar da ta ƙunshi kuɗi na fi son a bi gyaran ɗaya bayan ɗaya, domin karɓar duka lokaci guda yana iya shigar da lambar da wani ya rubuta don gwaji ya manta. Sharhi kuma hanyarsa daban ce: a cikin `Review` ɗin, ka danna kibiyar `Delete` ka zaɓi `Delete All Comments in Document`. Kada ka dogara da `Resolve`, domin yana dusashe sharhin ne kawai, duk wanda ya danna shi zai karanta.

Saura bayanan da ba sa bayyana a shafi ko kaɗan. Kowane fayil na Word yana ɗauke da sunan wanda ya ƙirƙire shi a gurbin `Author`, da na wanda ya ajiye shi daga ƙarshe a `Last Modified By`, wani lokaci har da sunan kamfani. Wannan ya fi cizon masu ɗaukar tsohuwar takarda su sake mata rubutu, domin za ka iya tura farashi da sunan kamfaninku a sama, alhali a ciki sunan wani ma'aikaci ne na wani kamfanin daban. A kwamfuta mai Windows ka bi wannan hanya:

```
File > Info > Check for Issues > Inspect Document
```

Ka danna `Inspect`, sai ya jero maka abin da ya samu, da alamar motsin rai a gaban kowane rukuni mai ɗauke da wani abu. Ka danna `Remove All` a gaban `Document Properties and Personal Information`, haka ma a rukunin sharhi da gyare-gyare idan akwai saura. Idan ya nuna `Hidden Text`, to akwai rubutun da wani ya ɓoye, gara ka koma ka karanta shi kafin ka cire. Inda za ka yi hattara shi ne rukunin `Headers, Footers, and Watermarks`, domin nan ne tambarin kamfaninku da adireshi da lambar shafi suke zama, kuma dannawa ɗaya za ta share su duka. Ka bar wannan rukunin, ka duba saman shafi da ƙasansa da idonka. Bayan haka ka danna `Reinspect`, sannan ka ajiye.

Hanyar tabbatarwa ita ce ka rufe fayil ɗin ka sake buɗe shi, ka zaɓi `All Markup`, ka buɗe `Reviewing Pane`, wanda yake ƙirga gyare-gyaren da suka rage. Idan ya nuna sifili, kuma gurbin `Author` a `Info` babu suna, to takardar ta tsarkaka. Akwai abu ɗaya da ke biyo baya wanda yake rikita mutane: daga lokacin da ka cire bayanan, wannan fayil ɗin zai riƙa share sunaye duk sanda aka ajiye shi, har sharhin kowa ya koma ɗauke da `Author` kawai. Wannan ma dalili ne na barin asalin takardar ofis yadda take.

Idan mai saye karantawa kawai zai yi, ka tura masa PDF, amma bayan ka gama tsaftacewar. PDF ɗin da aka fitar alhali gyare-gyare suna bayyane yana fitowa da jan rubutun da sharhin a gefe, kuma sunan marubuci yana bin sa idan ba a cire alamar `Document properties` a cikin `Options` ba lokacin ajiyewa. Idan kuma a waya kake aiki, manhajar Word ta waya za ta bar ka ka karɓi gyara ka goge sharhi, amma ba ta da `Inspect Document`, don haka takarda irin wannan ka kai ta kwamfuta kafin ta fita. Idan ka zo haɗa ta da imel ɗin, ka buɗe abin da ka maƙala ka duba, domin asali da kwafi suna zaune a wuri ɗaya da sunaye masu kama da juna.