Bayanin amsa: ka fara gano hanyar da yaro ya bi ya ɓata

"Maigida, ka ba ni tambayoyi goma na aikin lantarki masu zaɓi huɗu-huɗu, ka ce in rubuta wa ƙananan yaran shago bayani a ƙarƙashin kowace. Amsar da ke daidai ba ta ba ni wahala. Amma sauran ukun, ban da 'wannan kuskure ne' na rasa abin da zan ce. Yaya ake yi?"

Ɗana, ajiye biron tukuna. Kowace amsar kuskure da ka gani a takardar nan, akwai hanyar da mutum yake bi ya isa gare ta. Ba daga sama na ɗauko lambobin ba, a bakin yara na ji su, shekara da shekaru a shagon nan na Zango. Aikinka shi ne ka bi sawun yaron har inda ƙafarsa ta zame, ka nuna masa wurin da yatsa. Wanda ka ce wa "ba daidai ba ne" kawai, gobe ta hanyar nan zai sake bi, domin bai san a ina ya kauce ba.

Ɗauko ta uku mu yi tare. Dutsen guga ne mai wat 2200, an jona shi a wutar gida mai bolt 220. Amfer nawa zai ja? Zaɓin su ne 10, da 0,1, da 16, da 22.

Ka fara da ta daidai, kuma kada ka rubuta "10 ce domin ita ce amsa". Abu biyu ake so: ƙa'idar, da lissafin da lambobin tambayar kanta. Ni ga yadda zan sa: "Amfer 10. Ana raba wat da bolt, I = P ÷ U, wato 2200 ÷ 220 = 10." Shi ke nan. Layi biyu ne, amma yaron da ya dace da ita bisa cinta ya san yanzu dalili, kuma in aka canza masa dutsen guga da wani abu mai dumama ruwa, zai iya shi kaɗai. Ka lura ban rubuta "kullum haka ake yi" ba. Wannan lissafin yana fita daidai ne ga abin da aikinsa zafi ne, irin dutsen guga. Injin famfo ko firiji, masu mota a ciki, suna jan fiye da abin da rabon nan zai ba ka, balle lokacin tashi. Kalmar "kullum" ɗaya a bayani tana iya koya wa yaro ƙaryar da sai an sha wuya kafin a cire masa ita.

To, 0,1. Tambayi kanka, me mutum zai yi da 2200 da 220 har 0,1 ta fito? Juya rabon ya yi, ya raba 220 da 2200. Sai ka rubuta: "An juya rabon, an raba bolt da wat. Duba: amfer 0,1 a bolt 220 wat 22 ke nan, ƙarfin ƙaramin ƙwan fitila, ba zai dumama dutsen guga ba." Rabin na biyun nan ya fi mini daraja. Ka ba shi ma'aunin da zai kama kansa da kansa ran da ba ka kusa. Duk yaron da ya taɓa riƙe dutsen guga da zafinsa ya san ba wutar fitila yake ci ba.

Ta 16 ita ce na fi so ka daɗe a kanta, domin ba yaron da ya kasa lissafi take kamawa ba. Mai ƙwazo take kamawa, wanda yake bin mu aiki gidaje, ya saba ganin 16 A a jikin soket da disjonkter, abin nan da yake yanke wuta in an ja fiye da kima. Idonsa ya faɗa kan lambar da ya sani, sai ya ɗauka. Wannan yaron yana da gaskiya a rabin zancensa, kuma in ka ce masa 16 ba ta da alaƙa da tambayar, ka zalunce shi, zai kuma daina yarda da bayaninka. Ka amsa masa abin da ya sani, sannan ka raba masa abu biyun da ya haɗa: "16 ita ce iyakar da soket da disjonkter suke ɗauka, ba abin da dutsen yake ja ba. Dutsen yana jan 10, shi ya sa soket mai 16 ya ishe shi." Kamar amalanke ce da kayanta. Abin da za ta iya ɗauka daban, abin da aka aza mata yau daban. In wuri ya ishe ka, sa wannan misalin. In bai isa ba, jimla biyun farko sun wadatar.

Ta 22 ba ta da tsawo. Lambar gaskiya ce, amma ta wata tambaya: turjiyar dutsen ce, om 22, domin 220 ÷ 10 = 22. Ka ce masa lissafinsa ya fita, sai dai om ya nemo alhali amfer aka tambaya.

Akwai wani amfani da wannan rubutun yake yi wanda ba a faɗa maka ba. Yana tona asirin tambayar da ba ta da kyau. Wata shekara na shirya wa yara tambaya: wace waya ce ta dace da disjonkter mai amfer 20? Na sa mai kaurin milimita sukwaya 1,5 da 2,5 da 4 da wata guda. A raina 2,5 ce amsa. Bayanin 1,5 ya zo da sauƙi, ta yi siriri, za ta yi zafi kafin disjonkter ya yanke. Da na iso kan 4, na zauna da biro a hannu har shayina ya huce, ban sami abin da zan rubuta ba, domin waya mai 4 tana ɗaukar amfer 20 lafiya lau, tsada kawai ta fi. Yara biyu sun riga sun zaɓe ta, ni kuwa na soke musu. Na kira su na mayar musu da makinsu, na gyara tambayar ta koma "wace ce mafi ƙanƙantar waya da ta isa". Saboda haka in ka zo kan wani zaɓi ka kasa faɗin laifinsa da gaskiya, kada ka ƙago masa laifi. Kawo mini takardar. Haka nan in ka ga zaɓin da babu hanyar da mai hankali zai bi ya isa gare shi, a ce amfer 900 ga dutsen guga, cika wuri ne kawai, mu cire shi mu sa kuskuren da yara suke yi da gaske.

Wajen tsawo, layi biyu zuwa uku ga kowane zaɓi. Yaro a tsaye yake karantawa, wani lokaci hannunsa duk ƙura, in ya ga rubutu ya cika shafi zai tsallake. Kuma ka riƙa kiran amsar da kanta, "amfer 16", kada ka tsaya ga "zaɓi na uku", domin nakan sauya jerinsu in zan ba wani rukuni, sai bayanin ya koma nuna wani wuri. Kalmomin shago za ka yi amfani da su, yadda muke magana a bakin aiki. Ban da gori: kada "kowa ya san wannan" ta fito daga bironka.

Yi guda uku yau. Bayan la'asar ka ba ƙaramin cikinsu ya karanta a gabanka, kada ka ce masa komai, sannan ka canza lambobin, wat 1100 a bolt 220, ka ga ko 5 za ta fito masa. In ta fito, ci gaba da sauran bakwai. In ba ta fito ba, ka tambaye shi yadda ya yi, ka rubuta abin da ya faɗa, ka zo da shi mu duba.