Nisan janareta da ƙarar da ke isowa ɗaki

"Janaretana na damun maƙwabta a Sabon Gari. In na matsar da shi daga mita 2 zuwa mita 8, ƙarar za ta ragu sosai?"

Malam, za ta ragu, amma kada ka sa ran shiru. A buɗaɗɗen fili, duk ninka nisa da ka yi, desibel 6 ke fita daga ƙarar; desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. A ce na'ura ta nuna 80 a mita 2: a mita 4 sai 74, a mita 8 kuma 68. Ƙarfin sautin ya koma kashi ɗaya cikin 16, sai dai kunne zai ji kamar ya haura rabi ne kaɗan a raguwa.

Matsalar gidajenmu katanga ce. Nawa na kai lungu a Tudun Wada, siminti ya riƙa dawo da ƙarar, ragin bai kai lissafin ba. Nisanta shi da bango tukuna, sannan ka auna.