Wasikar kiredit ko garantin banki?

"Ina da shago a Faringada nan Jos, zan shigo da injinan nika na dala dubu 20 daga Sin, mai kamfani ya ce ko in bude wasikar kiredit ko in fara tura kashi 30. Wanne zai kare kudina?"

Malam, wasikar kiredit alkawari ne bankinka ke yi wa mai kayan cewa zai biya shi da zarar ya mika takardun da aka rubuta, irin takardar lodin jirgi da rasit. To ka ga shi ta fi karewa. Kai amfaninka, ba zai taba ko sisi ba sai ya nuna ya loda kafin ranar da kuka yanke. Amma fa banki takarda yake dubawa, ba ya bude kwantena, ko injinan ba su da kyau in takardu sun yi daidai sai an biya. Shi ya sa nake cewa ka sa shaidar masu binciken kaya cikin sharudda, kamfani mai zaman kansa ya duba kafin lodi.

Garanti kuwa sai wani ya saba alkawari ake cin sa. In dai kafin alkalami za ka tura, dala dubu 6 kenan, bankin mai kayan ne zai ba ka garantin maido da kudi, ba naka ba. In bai loda ba, ka nemi kudinka a rubuce, kuma don Allah duba ranar karewarsa ta wuce ranar lodi sosai, in ya kare shi kenan.

Ni dai wasikar zan bi, ka fara bude Form M, wato takardar da ake cikewa don shigo da kaya Najeriya, a bankinka kafin komai.