Ya ce akwai gurbi a ofishinsu, ya zan bibiye shi?

Tambaya: Salam 'yan uwa. Ranar Asabar na je taron haɗa masu neman aiki da kamfanoni a nan Bauchi, na yi hira da wani mutum ya ce suna neman mai kula da sito a reshensu na Gombe, har ya ba ni katinsa. Yau Laraba ban ce masa komai ba, ina tsoron kar ya ga na cika naci. In kira ne ko in jira?

Wa alaikas salam ƙanina. Kar ka jira, kuma kar ka fara da kira. Rubuta masa saƙo yau ɗin nan kafin a tashi daga ofis, kwana huɗu bai ɓaci ba amma in ka bari ya shiga sati na biyu to sai dai wani ikon Allah.

Ni na yi wannan wautar shi ya sa nake maka magana da ƙarfi. Shekarar da na gama bautar ƙasa na haɗu da wani manaja a irin wannan taro, muka yi hira mai daɗi har yana dafa kafaɗata, ya ce in neme shi. Na bari sai da aka yi kwana goma, wai kar a ce na zaƙe, sannan na tura masa "Salam ranka ya daɗe" a WhatsApp na zauna ina jiran ya amsa kafin in faɗi abin da ya kawo ni. Ya buɗe, alamar ta koma shuɗiya, shiru. Washegari na bi shi da saƙon murya na kusan minti uku, na ɗora da hoton sibi ɗina da na ɗauka a kan darduma, har inuwar hannuna ta fito a jikin takardar. To wa zai amsa wannan? A lokacin, haushinsa na ji, sai daga baya da ni ma na tsaya a bayan tebur a irin taron nan na gane cewa wanda ya wuni yana gaisawa da mutane yana raba kati ba zai tuna fuskarka ba, kai ne kake ganin kun saba.

Saboda haka aikin saƙonka na farko shi ne ya tuna masa waye kai, kuma ya zama abin da zai iya turawa gaba ba tare da ya ƙara ko kalma ɗaya ba, don yawanci wanda aka tura taro ba shi ke ɗaukar ma'aikata ba, miƙa ka zai yi wurin mai ɗauka. In akwai imel a katin yi amfani da shi, sai ka ɗan taɓa shi a WhatsApp cewa ka turo. Komai a saƙo ɗaya, gaisuwa da buƙata tare. Ga kusan irin wanda na rubuta a karo na biyu, wanda ya kai ni ga aikin da nake yi yanzu, na gyara shi ya dace da kai:

"Assalamu alaikum ranka ya daɗe. Ni ne wane, wanda muka yi magana ranar Asabar a teburinku, na ce maka na riƙe littafin shige da ficen kaya a shagon siminti a lokacin bautar ƙasa. Ka ambaci kuna neman mai kula da sito a Gombe. Ga sibi ɗina. Don Allah an riga an fitar da sanarwar aikin ne, ko akwai wanda ya kamata in tura wa kai tsaye? Zan iya zama a Gombe. Na gode."

Ka musanya maganar simintin da abin da kai ka faɗa masa a gaskiya, don ita ce igiyar da zai kamo ka da ita. In da turanci kuka yi hirar rubuta da turanci, in da Hausa ne Hausar ta isa. Sibin kuma ya zama PDF, shafi ɗaya ko biyu, ka sa masa sunanka, kar ya je a matsayin `Document1.pdf` ko `CV new new.pdf`. Kar ka haɗa da satifiket guda goma da takardar ƙaramar hukuma, ba a tambaye ka ba tukuna.

Amma tambayar nan ta tsakiya, ko an fitar da sanarwa, ita ce zuciyar saƙon, don "akwai gurbi" a bakin ma'aikaci ba abu ɗaya take nufi ba. Wani lokaci an amince da aikin an sa ranar rufe karɓar takardu, to nan sai ka bi hanyar da suka tsara ka cike fom, in ba ka cike ba ko shi ba zai iya yi maka komai ba, musamman ƙungiyoyi masu zaman kansu da sai sunanka ya shiga jerin waɗanda suka nema kafin a kira ka intabiyu. In ka cike sai ka koma ka gaya masa ka cike, da ranar. Wani lokacin kuma wani ne zai bar aiki ƙarshen wata ba a ma rubuta komai ba, wannan ne mafi daɗi don kai ne a gaba. Na ukun shi ne fata kawai, suna so su ƙara mutum in hedikwata ta saki kuɗi ko in kwangila ta faɗo. Daga amsarsa za ka gane. In ya ba ka suna ko adireshi ko rana, magana ce mai ƙafa. In ya ce "za mu neme ka in sha Allah" ba wani ƙari, ajiye lambar ka ci gaba da neman wani wuri.

Gurbin da na samu irin na biyun ne, na wanda zai bar aiki. Na tura Litinin da safe, shiru har Juma'a. Ban sake magana ba sai Talatar da ta biyo baya, na rubuta layi biyu a ƙarƙashin saƙon farko don kar ya sha wahalar nema, na ce ina tuni ne kan maganar. Da la'asar ya amsa cewa yana hanyar Azare ne duk satin, ya tura wa mai kula da ma'aikata. Bayan sati uku wata Hajiya ta kira ni. Ka ga da na ɗauki shirun a matsayin wulaƙanci da na yi asara a banza.

Tunin nan sau biyu ya isa, ɗaya bayan sati, ɗaya bayan wasu sati biyu, daga nan ka ƙyale shi. Kira sai in shi ya ce ka kira, kuma lokacin aiki, ba bayan isha ba, ba ana shirin tafiya masallacin Juma'a ba. Kar kuma ka shiga mota daga Bauchi ka dira ofishinsu na Gombe ba a gayyace ka ba, mai gadi zai karɓi ambulan ɗinka ka yi asarar kuɗin mota. Sannan kar ka fara tura kawu ko wani babba ya yi masa magana tun bai ga takardarka ba, wasu wannan na ɓata musu rai.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka, kati ba shaida ba ne, kowa zai iya bugawa. In maganar ta juya ta koma ka turo kuɗin fom ko na "riƙe maka gurbi" zuwa asusun wani mutum, tsaya nan. Duba ko reshen Gomben ma yana nan, ai ba za ka rasa wanda ka sani a Pantami ko Jekadafari da zai leƙa maka ba.

In ka rubuta saƙon kana shakka, cire sunan mutumin da lambarsa ka turo in duba maka kafin azahar.