Ruwa da gishiri ga mai atisaye a lokacin bazara

Tambaya: Maigida, tun da zafi ya shigo wasu daga cikin yaran da ka bar mini suke kukan ciwon kai da ɗaurewar jijiyar ƙafa bayan atisayen yamma, alhali ina sayo musu fiya wata kullum. Ruwa nawa ya kamata kowa ya sha, kuma da gaske ne sai an haɗa musu da gishiri?

Amsa: Yarona, babu adadi guda da zan yanka maka wanda zai dace da kowa, domin yara biyu za su yi gudu iri ɗaya a filin Murtala, ɗaya ya zubar da rabin lita na gumi cikin awa guda, ɗaya kuma ya zubar da lita biyu. Abin da zai raba gardama shi ne sikeli. Ka samo na ƙasa wanda ake hawa, ka auna kowane yaro kafin a fara, bayan ya yi fitsari, da gajeren wando kawai a jikinsa. Idan an tashi ya cire jiƙaƙƙiyar riga, ya goge jikinsa, ka sake auna shi. Duk kilo guda da ya ragu lita guda ce ta ruwa, ba kitse ba ne ya narke kamar yadda yaran suke murna.

Ɗauki yaro mai kilo 65 wanda ya yi atisayen minti 90 a watan Afrilu, ya sha ledar fiya wata biyu a tsakani, da aka tashi sikeli ya nuna 63.5. Kowace leda rabin lita ce, saboda haka ya sha lita 1, ga kuma kilo 1.5 da ya ragu, ka ga gumin da ya fita daga jikinsa lita 2.5 ke nan. Ƙa'idar da ake bi ita ce kada raguwar ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, domin daga nan ne gudu yake raguwa, bugun zuciya ya ƙaru, zafin jiki ya hau. Kashi 2 cikin 100 na kilo 65 shi ne kilo 1.3, wato wannan yaro ya tsallake iyaka duk da cewa kai ka gan shi da leda a baki. Gyaransa mai sauƙi ne, a ƙara masa leda ɗaya a lokacin atisaye su zama uku, sai raguwar ta tsaya a kilo 1. Ba a neman ya mayar da lita 2.5 ɗin duka yana cikin gudu, domin ciki ba ya iya wuce da ruwa mai yawa haka da sauri, sai ya yi ta ƙugi ya hana shi motsi. A raba masa shan duk bayan minti 15 zuwa 20, kurɓa kaɗan kaɗan.

Bayan an tashi kuma, abin da ya rage a biya shi da ƙari, domin wani kaso zai fita ta fitsari. A kan kowane kilo da aka rasa ana shan kamar lita 1.5, don haka yaron namu yana bukatar fiye da lita 2, wato leda huɗu da rabi, daga magariba zuwa lokacin kwanciya, tare da abincin dare. Galibin matsalar da nake gani ma daga gida take tasowa, yaro ya wuni a shago ko a kan Keke Napep bai sha abin kirki ba, ya iso fili a bushe. Ka dage kowa ya sha leda guda awa biyu zuwa uku kafin ya fito.

Maganar gishiri gaskiya ce, amma an fi zuzuta ta. A matsakaici litar gumi tana ɗauke da kamar giram 2 zuwa 3 na gishiri, saboda haka yaron da ya zubar da lita 2.5 ya rasa abin da ya kai ƙaramin cokali guda. Tuwo da miyar kuka, ko shinkafa da wake da mai da yaji, suna mayar da wannan ba tare da an yi wani tanadi ba, shi ya sa wanda atisayensa bai wuce awa guda ba ruwa zalla ya ishe shi. Waɗanda za ka sa wa ido su ne masu daɗewa a fili fiye da haka, da masu yin atisaye safe da yamma, da kuma wanda idan baƙar rigarsa ta bushe za ka ga farin zane a kafaɗa da bayanta, ko ya ce gumi yana yi masa yaji a ido. Irin waɗannan ka haɗa musu ruwan gishiri da sukari, wato rabin ƙaramin cokali na gishiri da ƙananan cokula 6 na sukari a shafe, cikin lita guda ta ruwa mai tsabta, ko ka sayo na sacet a kemis ka bi ma'aunin da aka rubuta a jiki. Kada ka yarda wani ya lashi gishiri tsagwaronsa, yana tayar da zuciya. Duk wanda yake da hawan jini ko ciwon ƙoda, kamar dattawan da suke biyo mu zagaye ranar Asabar, kada ka ƙara masa gishiri sai da izinin likitansa. Ita kuwa ɗaurewar jijiya, gajiyar tsoka tana kawo ta ko da ruwa da gishiri sun wadata, don haka idan ta kama yaro a miƙe masa ƙafar a hankali, sannan ka duba ko nauyin atisayen ne ya yi masa yawa.

Alamar ƙarancin ruwa da ta fi saurin ganewa tana cikin fitsarin safe. Idan ya fito da yawa, launinsa ruwan ɗorawa mai haske, jiki ya samu abin da yake so. Idan ya fito kaɗan, ya yi duhu kamar shayi ba madara, ga wari, to yaron ya kwana da bashin ruwa. Sai dai ka tambaye shi ko yana shan ƙwayar bitamin, domin wasunsu suna rina fitsari ko da mutum ya ƙoshi da ruwa. A fili kuma za ka ga leɓe ya bushe, yawu ya yi kauri, yaro ya riƙa dafe kai, ko jiri ya ɗebe shi idan ya miƙe daga zaune. Ƙishirwa alama ce mai kyau, amma yaron da wasa ya ɗauke wa hankali ba ya sauraronta, kuma lokacin hunturu iska tana busar da gumi nan take har mutum ya ɗauka bai yi ba.

Akwai alamar da ba a jira a kanta. Idan yaro ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko ya kasa gane inda yake, jikinsa ya yi zafi rau, wannan bugun zafi ne, kuma yana kisa. Kada ka ruɗu don ka ga har yanzu yana gumi. A kai shi inuwa, a cire masa kaya, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, a nemi mota zuwa asibiti ana ci gaba da sanyaya shi a hanya. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki, domin zai iya shaƙewa.

Yawan sha ma yana da nasa haɗarin, musamman ga masu gudun dogon zango da suke shafe awanni suna ɗirkar ruwa zalla. Gishirin da ke cikin jini yakan tsarma, mutum ya kama ciwon kai da amai da ruɗewa, har a zaci ƙarancin ruwa ne a ƙara masa. A nan ma sikeli ne zai faɗa maka gaskiya, domin duk wanda nauyinsa ya ƙaru bayan atisaye ya sha fiye da kima, a dakatar da ba shi ruwa, idan kuma ya ruɗe a garzaya da shi asibiti.

Sabon yaro, ko wanda ya dawo daga jinyar zazzaɓi ko gudawa, kada ka jefa shi cikin cikakken atisaye. Jiki yana ɗaukar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da zafi, inda gumi yake fara fita da wuri kuma gishirin cikinsa ya ragu. A watannin Maris da Afrilu ka mayar da atisaye mai nauyi bayan sallar asuba ko bayan ƙarfe biyar na yamma, ka kuma rubuta nauyin kowane yaro a littafi har tsawon mako guda, daga nan za ka san adadin ledar da za ka ware wa kowa.